Asusun Babanmu: magajin da aka rubuta ko haɗin gwiwa?

Assalamu alaikum. Don Allah waɗanda suka san aikin banki ku taimaka mana.

Mahaifinmu ya tsufa, ciwon ƙafa ya hana shi fita, kuma fanshonsa da kuɗin hayar shaguna duk asusu ɗaya suke shiga. Shi ya ce a sa sunana don in riƙa cire masa kuɗin magani. Na je banki, ma'aikaciyar ta ce rubuta ni a gurbin “Next of Kin” ba ya ba ni ikon taɓa ko kwabo, mutumin da za a tuntuɓa ne kawai. Ta ce ranar da aka kai musu labarin rasuwa za su rufe asusun, sai an kawo takardar shaidar mutuwa da takardar kotu ta kula da dukiyar mamaci. Wannan na gane.

Inda na tsaya shi ne asusun haɗin gwiwa. Ta ce in an buɗe shi da sharaɗin kowa zai iya sa hannu shi kaɗai, sau da yawa banki kan bar wanda ya rage ya ci gaba. To ni kuɗin ba nawa ba ne. Mu tara ne, ga iyayenmu mata biyu, kuma gado sai yadda Shari'a ta raba. Ba na son 'yan'uwana su zarge ni.

Shin in ya ba ni izinin sa hannu kawai, asusun na nan da sunansa, izinin yana faɗuwa ne da rasuwarsa? Kuma takardar rabon gado daga kotun Shari'a ta wadatar wa banki, ko dole sai ta Babbar Kotu?