Shafina na TikTok ya tsaya cak, daga ina zan fara dubawa?

Isuhu Tela: Assalamu alaikum ƴan uwa. Ni tela ne a Tawa, ɗinkin mata nake yi. Shafina na TikTok yana da mabiya 8,400, amma tun bayan ƙaramar Sallah ba ya gaba ba ya baya. Bidiyo da ƙyar yake kai kallo 300, kuma ba wadda ta taɓa kawo mini ɗinki ta ce a can ta gan ni. Mi ya kamata in duba, ko in rufe shi in buɗe sabo?

Ɗan Illela: Wa alaikumussalam. Ai wannan a fili take, sun ɓoye ka ne. In suka ga dama sai su daina nuna bidiyon mutum ba tare da sun gaya mishi ba. Ka goge duk abin da ka sa, ka bar shafin ya huta sati biyu, in bai tashi ba ka buɗe sabo da wata lamba.

Maman Zuwaira: Innalillahi. Ni ma haka aka yi mini bara, na wayi gari an canza mini lambar sirri, hotunan turarena duka sun tafi. Ka yi maza ka haɗa shafin da lambar salularka tun kafin su gama da shi.

Ɗan Illela: Hajiya, ba sace mishi aka yi ba, shafin yana hannunshi. Kallo ne babu.

Hadiza Yamai: Malam Isuhu, kada ka goge komai tukuna, don waɗannan bidiyon su ne za su gaya mana inda matsalar take. Maganar Ɗan Illela tana da ƙamshin gaskiya ta gefe guda: akwai bidiyon da TikTok ke hana shi shiga Pour toi, wato shafin farko inda yake nuna wa mutane bidiyo har na waɗanda ba su bi ba, misali wanda aka kwaso daga wani wuri da tambarin wata manhaja a jikinsa. Amma wannan ba ɓoyayyen abu ba ne, in ya faru za ka ga sanarwa a cikin alƙaluman bidiyon, har da wurin ɗaukaka ƙara. Saboda haka ka fara da nan, minti biyu ya isa. In babu sanarwa, ka cire maganar ɓoyewa daga ranka.

Sannan ka shiga TikTok Studio, wurin da ake ganin alƙaluman shafi, ka kawo mini abu uku. Na farko, a bidiyo goma na ƙarshe, kowane tsawonsa sakan nawa ne, kuma sakan nawa mutane ke kallo a matsakaici. Na biyu, daga ina kallon ke zuwa, Pour toi ne ko mabiyanka ko masu shigowa shafin da kansu. Na uku, ɓangaren mabiya: ƙasashensu, maza ne ko mata, da lokacin da suke kan layi. Kuma ka gaya mini gaskiya, mabiyan nan 8,400 a hankali suka taru ko dare ɗaya?

Isuhu Tela: Na duba Hajiya Hadiza, babu wata sanarwa. Bidiyon suna tsakanin sakan 45 da minti guda, matsakaicin kallo sakan 3 zuwa 4. Pour toi yana kawo kusan rabin kallon, saura mabiya ne. Mabiyan kuma kashi 87 cikin 100 maza ne. Najeriya ce kan gaba da 41, Nijar 33, Kodebuwa 15, sai ƴan tsirarun Libiya da Gana. Yawancinsu lokacin kokowar Takobi suka zo, na sa wani kaye da na ɗauka daga talabijin, ya yi kallo sama da dubu 400.

Hadiza Yamai: To, ga shi nan. Shafinka bai tsaya ba, Malam Isuhu, bai ma taɓa tashi a kan ɗinki ba. Mabiyanka ƴan kallon kokowa ne, suna jiran wani kayen, kai kuma kana miƙa musu doguwar riga mai duwatsu. Namijin da ke Kano ko Sakkwato mai son kokowa mi zai yi da ɗinkin mata na Tawa? Gaba zai ja da yatsa. In ka lissafa, matan da ke cikin 8,400 ɗin nan ba su wuce 1,100 ba, kuma ko su ba duka ke Nijar ba, balle Tawa. Wannan shi ne ainihin girman shafinka a sana'ance, kuma in ka auna kallo 300 da wannan adadin, abin bai kai munin da kake gani ba.

Amma kada ka ɗora laifin duka a kan mabiya. TikTok da kansa ya bayyana a 2020 cewa yawan mabiya ba ya cikin abin da yake dubawa kai tsaye kafin ya tura bidiyo gaban mutane, kuma kallon bidiyo har ƙarshe yana cikin alamun da yake ba nauyi sosai. Ka ce rabin kallonka daga Pour toi yake, wato ana nuna ka ga baƙi, su ma a sakan na 3 suke tafiya. Wannan ba laifin ƴan kokowa ba ne, laifin farkon bidiyon ne. Na shiga na kalli guda biyar. Duka da abu ɗaya suke farawa: allon sunan shago yana juyawa da kiɗa, sannan kai zaune bayan keke kana sallama kana gabatar da kanka. Rigar da ake magana a kanta sai a sakan na 20 take fitowa, rataye jikin ƙusa, hasken ƙofa na bayanta, shaddar ta yi duhu har ba a gane launinta. A ƙarshe kuma ka bar tambarin CapCut, manhajar da ka haɗa bidiyon da ita, alhali taɓawa ɗaya ake yi a goge shi kafin a fitar da bidiyon.

Ka juya tsarin. Sakan na farko rigar da aka gama, a jikin mutum ko jikin gunkin shago, hasken yana dukanta ta gaba. Ka rubuta a kan hoton abin da mace ke son sani, kamar "Shadda yadi 5, ɗinki jika 12, kwana 4, Tawa". Daga nan ka matso da salula kusa da aikin wuya da bakin hannu a ga ɗinkin ya miƙe, don a nan mace ke gane tela. Sakan 15 zuwa 20 ya wadatar. Bayan kwana biyu ka buɗe zanen nan da ke nuna inda mutane ke sauka daga bidiyo. In layin ya faɗi tun farko, buɗewar ce ba ta kama ba. In ya riƙe har tsakiya sannan ya zube, ka ja zance ne.

Sani Abijan: Hajiya ki yi haƙuri, ban yarda da ke a kan mazan nan ba. Mu ƴan Adar da ke Abijan mu ne ke ɗinka wa matanmu da ɗiyanmu kayan Sallah, kuɗin daga nan suke tahowa ta Nita ko Amana. Ni kaina kowace shekara sai na nemi wanda zai tsaya mini wurin tela a gida, wani lokacin a ci rabin kuɗin a hanya. In da na san telan da zan tura ma kuɗi kai tsaye, iyali su tahi a auna su, shi kuma ya turo mini hoton kayan in ya gama, wallahi da na huta. Kashi 15 ɗin nan na Kodebuwa kada ya raina su.

Hadiza Yamai: Wannan magana ce, Malam Sani, ban kawo ta a raina ba. Kashi 15 na 8,400 ya haura mutum 1,200. Abin da alƙaluman ba za su nuna ba shi ne ko ƴan Tawa ne ko kuwa ƴan kokowa ne kawai daga ko'ina. Gwaji ne zai raba gardama: ya yi bidiyo biyu ko uku da ke magana da su kai tsaye, "kana Abijan, iyali na Tawa", ya ga wa zai rubuto.

Sai dai ko sun so rubutowa, yanzu ba ta inda za su bi. Malam Isuhu, sunan shafinka issou da lambobi shida ne a bayansa, hotonka na ɗan ƙwallo ne, bayanin da ke ƙasa kuma addu'a ce da tuta. Addu'a tana da kyau, amma wanda ya shigo bai san kai tela ne ba, bai san garinku ba. Wurin nan ba ya ɗaukar rubutu mai yawa, ka sa sana'a da gari da unguwa da lambar WhatsApp tare da +227 saboda na waje. Sunan da ke bayyana sama ka mai da shi "Isuhu Tela Tahoua", da rubutun da mutane ke bugawa in suna nema. Sunan da ke bayan @ kuwa sau ɗaya ake iya canza shi a kwana 30, ka yi tunani kafin ka taɓa. Bidiyo uku ake iya maƙalawa a saman shafi, kai kuma kayen nan ka maƙala. Ka sauke shi, ka sa aikinka mafi kyau, da wanda ke nuna farashi, da wanda ke nuna hanyar shagon.

Ɗan Illela: Duk da haka ni dai na ce sabon shafi ya fi. Kuma sai ya riƙa sa bidiyo biyar kullum da hashtag da yawa, haka yarona ya yi ya tashi.

Hadiza Yamai: Biyar kullum, yaushe zai taka keke? Ga kuɗin forfe. Na duba ranakun bidiyonsa: bakwai a rana ɗaya gab da Sallah, sai shiru na sati biyar, sai biyu da tsakar dare. Wanda ya jibge bakwai lokaci guda ba zai taɓa gane wanne ya yi aiki ba. Uku a sati, ranaku sanannu, shi ne abin da tela zai iya riƙewa. Lokacin da TikTok Studio ke nuna masa a matsayin na mabiya kuwa na ƴan kokowar ne, kada ya bi shi ido rufe. Ya gwada bayan azahar da bayan isha'i, sati biyu-biyu, ya kwatanta. Na kuma ga mata biyu sun tambayi "nawa ne?" a ƙarƙashin rigar nan mai ruwan ƙwai, wata guda ke nan ba amsa.

Batun sabon shafi ban ce a'a ba, na ce ba yanzu ba. Ya yi bidiyo 12 a sabon tsarin cikin sati huɗu, ya rubuta matsakaicin kallo da yawan masu rubuto masa a littafin awo. In kallon ya haura zuwa sakan 8 ko 10 kuma mata sun fara tambaya, shafin ya gyaru. In bidiyon sun gyaru amma har yanzu maza ne kaɗai ke gani, lokacin sai a buɗe sabo a bar wannan wa ƴan Abijan.

Maman Zuwaira: To ni da nake sa hoton kwalaben turare da waƙa kawai, nawa ma haka ne ke nan? Ina ake shiga wurin sakan ɗin nan?

Isuhu Tela: Na gode ƙwarai, na sauke kayen, na canza suna da hoto. Matan nan biyu na ba su amsa, ɗaya ta ce tana Konni. Abu guda ya rage mini: farashin nan a kan bidiyo. Telolin layinmu duka suna kallon shafina, in na rubuta jika 12 gobe wani zai ce shi jika 10 yake yi. Akwai wanda ya taɓa sa nashi a fili a cikinku?