Awon Hajiya 162/74, nawa 128/94: waye mai hawan jini a cikinmu?

Abban Walid: Assalamu alaikum. Jiya na kai Hajiyarmu kemis a nan Gyaɗi-Gyaɗi aka gwada jininta, ya nuna 162/74. Shekarunta 67. Mai kemis ya ce tunda lambar ƙasa lafiya lau take, babu damuwa. Ni ma na miƙa hannu, nawa ya nuna 128/94, shekaruna 38. Wace lamba ake dubawa, ta sama ko ta ƙasa? Don Allah masana a taimaka.

Malam Habu Kwari: Wa alaikumus salam. Mai kemis ya yi gaskiya. Tun muna samari ake cewa ta ƙasa ce ainihin hawan jini, ta sama kuwa ɓacin rai da gajiya ke ɗaga ta. Kuma tsoho ana ɗora masa shekarunsa a kan 100 ne. Ka ga Hajiya tana da damar kaiwa 167. Kai ne ma ya kamata ka kula da kanka, 94 ta yi yawa.

Maman Ilham: Ni tawa na'urar lamba uku take nunawa. Yau da safe ta ƙarshen 88 ce, jiya kuma 76. Kenan jinina ya hau?

Sista Binta: Maman Ilham, wannan ta ukun, wadda aka rubuta PUL ko PULSE a gefenta, yawan bugun zuciyarki ne a minti ɗaya, ba ƙarfin jini ba. Daga 60 zuwa 100 ga babban mutum da ke zaune ba abin tashin hankali ba ne. Ki duba SYS, lambar sama, da DIA, lambar ƙasa.

Baba Habu, ka yi haƙuri, maganarka rabi ta hau rabi ba ta hau ba. Batun Abban Walid ka faɗi daidai. Amma lissafin 100 da shekaru an daɗe da ajiye shi. Shekara da shekaru ina aikin jinya, kuma tsofaffin da ake kawowa da shanyewar ɓarin jiki, da yawansu lambar ƙasansu ba ta da laifi, ta saman ce ta yi ɓarnar.

Ga abin da ke faruwa. Duk lokacin da zuciya ta matse ta turo jini cikin jijiyoyi, ƙarfin da jinin ke tunkuɗar bangon jijiya yana kaiwa ƙololuwa. Wannan ƙololuwar ita ce lambar sama, sistolik. Sai zuciya ta saki ta cika da jini kafin bugu na gaba. A wannan ɗan tsakanin ƙarfin yana sauka, amma ba ya kaiwa sifili. Inda ya tsaya kafin wani bugun ya zo, nan ce lambar ƙasa, dayastolik. Shi ya sa idan muna awo da na'urar hannu, mu hura iska mu ɗora abin sauraro a lanƙwasar gwiwar hannu, muna sakin iskar a hankali, inda muka fara jin ƙwanƙwasa shi ne na sama, inda sautin ya ɓace shi ne na ƙasa.

To me ya sa na Hajiya ya yi nisa da juna haka? Babbar jijiyar da ke fita daga zuciya kamar sabon tiyo take a jikin matashi: in ruwa ya zo da ƙarfi ta buɗe ta karɓe shi, in ya lafa ta tsuke ta ci gaba da tura shi. Da shekaru sai ta ƙandare, kamar tiyon da ya sha ranar Kano. Ba ta buɗewa ta rage ƙarfin bugun, sai lambar sama ta haura. Ba ta kuma tsukewa da kyau bayan bugun, sai lambar ƙasa ta zauna inda take ko ma ta sauka. Don haka 74 ɗin nan da mai kemis ya kwantar muku da hankali da ita ba shaidar lafiya ba ce. Ka cire 74 daga 162, saura 88. Ga mai 120/80 tazarar 40 ce. In ta wuce 60 a jikin dattijo, alama ce ta cewa jijiyoyi sun fara tauri.

Ƙa'idar da muke aiki da ita, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ma ke kai: in ta sama ta kai 140, ko ta ƙasa ta kai 90, a awon ranaku biyu daban-daban, hawan jini ne. Ko ɗaya ce ta kai, ta isa. Ba sai sun haɗu ba.

Abban Walid: Allah ya saka da alheri, Sista. Kenan mu biyun duka ke nan? Ni fa ko ciwon kai ba na yi.

Sista Binta: Rashin ciwon kai ba hujja ba ne, yawancin masu hawan jini ba sa jin komai. Naka akasin na Hajiya ne, kuma an fi ganinsa ga 'yan ƙasa da shekara 50. Manyan jijiyoyinka da sauran laushinsu, amma ƙananan da ke can cikin jiki sun ɗan tsuke, jini ba ya wucewa da sauƙi, sai ƙarfin ya ƙi sauka sosai tsakanin bugu da bugu. Amma ba zan ce maka kana da shi a kan awo ɗaya na kemis ba. Kun shigo daga rana, wataƙila ka ci goro a hanya, kana magana ana awon, hannunka yana lilo. Kowanne a cikin waɗannan yana iya ƙara lambar. Haka in damtsenka babba ne aka naɗa maka ƙaramin maɗauri, zai nuna sama da gaskiya.

Ku samu na'urar damtse, ku yi mako guda kuna awo safe da yamma. A yi fitsari tukuna, a zauna minti 5 a kujera mai jingina, ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji. Babu goro, babu taba ko kofi rabin awa kafin nan. Sau biyu a jere, minti ɗaya tsakani, a rubuta duka. A gida ma'aunin ya ɗan fi tsauri: 135/85. Ita Hajiya kuwa kada ku jira makon ya cika kafin ku nemi ganin likita, ku fara rubutun ku tafi da abin da ya samu. Za su so su duba ƙoda da suga.

Alhaji Ɗanlami: Mahaifina irin na Hajiyarku ne. Da aka ɗora shi kan magani ta sama ta dawo 138, amma ta ƙasa ta faɗi 56, yana tashi daga sujada sai jiri. Sai da likita ya rage masa ƙwaya. Ni dai tun daga nan nake ganin tsoho a bar shi da jininsa ya fi.

Sista Binta: Alhaji, abin da ya samu Baba yana faruwa, kuma nan ne wahalar irin wannan hawan jinin: magani ba ya zaɓar lamba ɗaya, duka biyun yake saukarwa. Ita kanta tsokar zuciya a lokacin sakin nan take samun mafi yawan jininta, don haka likitoci ba sa son ta ƙasa ta yi ta zama ƙasa da 60, musamman ga mai ciwon zuciya. Amma ka lura ragewa likita ya yi, bai ce a daina ba. Inda za a tsaya ga kowane tsoho, wannan sai wanda ya duba shi yana zaune ya kuma duba shi yana tsaye.

Malam Habu Kwari: To mun ji. Amma ɗana da ke Amurka ya ce can daga 130/80 ake kiransa hawan jini. Wanne za mu kama?

Sista Binta: Haka ne, tun 2017 suka sauke nasu ma'aunin. Har yanzu masana ba su zama baki ɗaya a kai ba. Amma 162 da 94 sun wuce kowanne aka ɗauka. Abban Walid, in ka taɓa ganin 180 a sama ko 120 a ƙasa, tare da ciwon ƙirji, ko karkacewar baki, ko harɗewar harshe, ko gani dishi-dishi, babu batun sake awo, asibiti kai tsaye.

Abban Walid: Na gode ƙwarai. Gobe zan leƙa Sabon Gari in nemo na'urar. Ta wuyan hannu ta fi araha, ko ita ma za ta yi?

Sista Binta: Ta damtse za ka saya. Kafin ka fita ka auna kaurin damtsen Hajiya da naka da tef ɗin tela, a jikin kwalin ana rubuta santimita nawa maɗaurin ke ɗauka.