Taswirarmu ta yi kore shar, amma ƙararrawa ba ta kaɗa ba

Ɗan Aboabo: Salamu alaikum 'yan uwa. A wurin aikinmu nan Kumasi mun ɗauki dokokin SIEM ɗinmu, wato manhajar da ke tara log ɗin kwamfutoci tana kaɗa ƙararrawa in ta ga alamar kutse, muka jera su a ATT&CK Navigator, taswirar dabarun 'yan kutse, duk dabarar da muke da doka a kanta muka shafa mata kore. Maigida ya gani ya ji daɗi. Ranar Alhamis na ce bari in taɓa guda ɗaya in gani, na zaɓi T1053.005, dabarar da ɗan kutse yake dasa aiki a Task Scheduler domin ya dawo ko an kashe kwamfutar an kunna. A kwamfutar gwaji na buga:

```
schtasks /create /tn gwaji /tr notepad.exe /sc daily /st 23:00
```

Aikin ya shiga. Na zauna jiran ƙararrawa har shayina ya huce, shiru. Akwai wanda ya taɓa cin karo da irin wannan?

Hajiyar Nima: Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin ka zargi dokar, duba abin da take ci. In 4698 take nema, wato log ɗin da ke nuna an dasa sabon aiki, Windows ba ya rubuta shi sai an kunna masa. Buga wannan a kwamfutar:

```
auditpol /get /subcategory:"Other Object Access Events"
```

In ka ga No Auditing, dokarka tana gadin ƙofar da ba a taɓa ginawa ba. Mu ma haka muka yi a farko, muna ƙirga dokoki muna shafa fenti. Yanzu kowane gida a taswirar sai ya amsa tambaya uku: log ɗin yana isowa? Akwai doka a kansa? Yaushe aka gwada ta kaɗa? Na ukun ne kaɗai ke ba da kore, kuma muna rubuta ranar gwajin a jikinsa. Wanda yake da doka ba gwaji, rawaya ne.

Ɗan Aboabo: Hajiya, No Auditing ɗin ne kuwa. Kunya ta kama ni.

Na Asawase: Ni fa ban ga abin wahala ba. Ku kunna 4688, log ɗin da ke nuna an tayar da manhaja, tare da layin umarni, ku sa doka a kan schtasks.exe da /create. Shi ke nan, gida ya yi kore na gaskiya. Mu da shi muka kama wani abu bara.

Hajiyar Nima: Malam, zai kama, amma hanya ɗaya ka tare. Wanda ya buɗe PowerShell ya kira Register-ScheduledTask bai taɓa schtasks.exe ba, dokarka ba za ta ji motsinsa ba. 4698 zai gan shi, domin shi aikin da aka dasa yake kallo, ko da schtasks.exe aka dasa ko da PowerShell. Nan ne taswirar take ruɗin mutum: gida ɗaya ne a allo, amma ƙofofinsa da yawa. Shi ya sa na daina yarda da launi biyu. Navigator yana karɓar maki, sai mu ba gida maki gwargwadon hanyoyin da muka gwada.

Baba Alhaji: 'Ya'yana, mu kowane wata muna sikanin na'urorinmu, muna toshe duk ramin da ya fito. Ba shi ke nan ba?

Ɗan Aboabo: Baba, wancan neman katangar da ta tsage ne. Namu kuwa, ɓarawo ya riga ya shigo tsakar gida, mai gadi zai gan shi ko ba zai gan shi ba. Task Scheduler ba rami ba ne da za a toshe, kayan gida ne, masu kula da kwamfutocinmu ma da shi suke aiki kullum.

'Yar Maamobi: Nawa daban ne. Komai a kunne, an gwada a hedikwata, ya kaɗa. Ashe wani reshenmu, tun wata ɗaukewar wuta, manhajar da ke turo log ba ta sake tashi ba. Mun fi wata ba mu sani ba, don shiru kama yake da zaman lafiya. Taswirar ba ta da wurin nuna cewa wannan kore na kwamfutoci kaza ne kawai. Yanzu muna da doka mai kuka in na'ura ta yi awa 24 ba ta turo komai ba.

Sai dai in gargaɗe ka yaya: ranar da ka kunna 4698, masu sabunta manhajoji za su cika ka da ƙara, su ma ayyuka suke dasawa. Mun tace da sunan aiki, daga baya na ga ai ɗan kutse ma zai iya aron sunan. Na koma tacewa da wurin da fayil ɗin yake zaune, wanda ke nuni zuwa AppData ko Temp shi nake fara dubawa.

Na Asawase: To in kowane gida sai an bi shi haka, yaushe za a gama? Gidajen sun kai ɗaruruwa, mu kuma mu biyu ne a ofis.

Hajiyar Nima: Ba a gamawa. Wasu ma ba su shafe ka ba, in ba ka da Mac me ya haɗa ka da dabarun Mac? Zaɓi goma da aka fi yi wa irin ma'aikatarku, ka bi su da Atomic Red Team, tarin gwaje-gwajen da ke kwaikwayon dabarun, amma a kwamfutar gwaji kuma da izinin manya.

Ɗan Aboabo: Na kunna log ɗin, na goge aikin farko, na sake buga umarnin, ƙararrawa ta kaɗa. Amma na mayar da sauran gidajen rawaya, kuma gobe da safe zan nuna wa maigida. Wa ya taɓa yi wa nasa bayanin dalilin da kore ya ragu bayan an ƙara aiki?