Kawu ya ce takardar da na rubuta wa Liman ƙara ce, ba neman sulhu ba

Nasiru: Salam jama'a. Kakanmu ya ba maƙwabcinsa aron gona tun 1998, duk sun rasu, yanzu 'ya'yan maƙwabcin sun ce kyauta ce, har gaisuwa an daina. Na rubuta wa babban limaminmu na Juma'a takarda shafi 3 ya shiga tsakani, na sa shaidu da komai. Kawu ya ce in yaga, wai wannan ƙara ce. Ya kuke gani?

Maman Sadiq: Ni ban ga laifinka ba wlh, in ba ka faɗa masa gaskiyar magana ba da me zai yi sulhun?

Bala Tela: Ai ku haƙura kawai, hauzi ya ci gonar. Wanda ba ɗan uwa ba in ya shekara 10 yana noma kana gani ka yi shiru shikenan.

Malam Sabi'u: Bala, shekara 10 ɗin haka take a Malikiyya, amma hauzi baya cin aro ko jingina matuƙar an tabbatar da aron. Kuma wannan zancen gaban alƙali ne. Nasiru, kawunka ya fi ka gaskiya. Liman in ya karanta hujjarku shi kaɗai kafin ya ji ɗaya gidan, ranar zama suna jin ya ambaci shaidunku za su ce an riga an gama da shi, daga nan ko ayar Allah ya ja ba za su saurara ba. Rabin shafi ya isa. Gaisuwa, kai wane ɗan gidan wane, saɓani ya shiga tsakaninku da gidan wane kan gona, kuna roƙon ya kira ku gaba ɗaya kafin ruwan shuka ya sauka. Kar kalmar "cinye" ko "zalunci" ta fito, ko "aro" ma ni da zan cire ta, tunda ita ce ake jayayya a kai. Kuma kawu zai sa hannu ya kai da ƙafarsa, ba kai ba.

Hadiza: A raba kawai, namiji kashi 2 mace 1.

Maman Sadiq: Hadiza ba rabon gado ake ba. Amma Malam, tsohon da ya shaida aron fa, in ya rasu ana jiran sulhu?

Malam Sabi'u: Hajiya wannan kam abin dubawa ne. A roƙi Liman ya gayyato shi zaman, baki da baki, sunansa ne dai kar ya shiga takarda.

Auwalu: Mu abin da ya kashe namu kenan, wani almajirin malam ya ɗauki hoton takardar ya tura wa ɗaya gidan, suka ga an kira babansu maci amana, yau shekara 4 muna kotu. Ku fara aika musu ma cewa za ku je wajen Liman.

Nasiru: In muka sanar da su ai shiri za su yi Auwalu, nan ne ban gamsu ba. Shafi 3 dai zan ajiye, gobe bayan Asuba in zauna da kawu.