Ina son barin biyan kuɗin ajiyar Google, za a rufe mini fayilolina?

Sakataren Albasa: Assalamu alaikum jama'a. Ni ke riƙe da lissafin ƙungiyarmu ta manoman albasa a nan Tawa. Ina biyan Google One na 100 GB duk wata da katin wani abokina a Yamai, yanzu ya ce zai rufe katin. Na shiga `one.google.com/storage` na ga ina cin 62 GB: Photos 41, Drive 12, Gmail 9. Kyautar kuma 15 GB ce. In na bar biya, me zai faru? Abin da ya fi damuna tebur ɗin Sheets da nake rubuta bashin taki da iri na mambobi, kullum ina taɓa shi. Wata zai ƙare nan da kwana 12.

Ɗan Illela: Sayi katin memori na 64 ka sa a salula, magana ta ƙare.

Sakataren Albasa: Ƙanena, ba salular ce ta cika ba. Kayan suna can wurinsu, ba a hannuna ba.

Hajiya Mai Atamfa: Malam kada ka kuskura! Ni ya faru da ni, ko da yake wani kamfani ne daban, ba zan kira suna ba. Katina ya mutu, suka yi ta aiko saƙo da Faransanci, na ɗauka talla ce. Wata rana na je ɗora hoton kaya sabbi, abu ya ƙi. Yarona ya ce wuri ya cika, a goge tsofaffi. Muka zauna muka yi ta gogewa daga cikin manhajar, muna zaton na salula suna nan. Ashe abin a haɗe yake, ka goge can ya tafi nan. Hotunan aikin hajjina, da bikin 'yata ta fari, da na mahaifiyarmu kafin rasuwarta, duk sun tafi. Sai bayan wata uku na farga, lokacin kwandon shara ma ya zubar da kansa. Har Yamai na kai salular wurin masu gyara, suka karɓi kuɗina suka dawo mini da ita haka nan.

Ɗan Illela: Allah ya jiƙan mama. Gaskiya wannan cuta ce.

Bagobiri Na Kwarai: Amin. Amma Hajiya, ba su suka goge ba, ku kuka goge.

Hajiya Mai Atamfa: Wa ya sa muka goge? Ba su suka toshe hanya ba?

Issa Enformatik: Sannu Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Malam Sakatare, ga naka. In ka soke yau, 100 GB ɗinka na nan har ƙarshen watan da ka riga ka biya. Ranar da ya ƙare sai iyakarka ta koma 15, kai kuma kana da 62, wato ka wuce da 47. Ba za a goge komai a ranar ba. Za ka iya buɗe fayil, ka karanta, ka sauke. Abin da za a hana ka shi ne duk abin da ke ƙara nauyi: ɗora sabo a Drive, ajiye sabbin hotuna, buɗe sabon Docs ko Sheets, har da gyara wanda ke akwai. Tebur ɗin bashinka za ka gan shi, amma ko dala biyar ba za ka iya ƙara rubutawa a ciki ba, don kowane gyara sabon abu ne da sai an ajiye. Kamar rumbun haya ne: in ka bar biya, mai shi ba ya zubar da hatsinka nan take, kana iya ɗiba, amma ba ka zuba ko tiya ɗaya.

Wanda mutane ba su lura da shi ba shi ne Gmail, don Drive da Photos da Gmail duk 15 ɗin nan ɗaya suke ci. In ka wuce iyaka, ba ka aikawa, kuma wasiƙar da aka aiko maka tana komawa ga mai ita. Ba ajiye maka ake ba. In wani mai ba ku tallafi ya rubuto, kai ba za ka ma san ya rubuto ba. Gogewa kuma, dokarsu tun 1 ga Yuni 2021 ta ce in ka shekara 2 kana bisa iyaka suna iya goge kayan, bayan sun yi maka gargaɗi.

Mamane Zabarkan: Ni ina ganin ba haka ba ne. Na bar biya bara, kuma har yau ina rubutu a Docs lafiya lau.

Issa Enformatik: Nawa kake ci?

Mamane Zabarkan: 11 da wani abu.

Bagobiri Na Kwarai: To kai Bazabarme me ya kawo ka cikin maganar manya? Kana ƙasa da 15, shekara nawa ka yi kana biyan kuɗin banza?

Mamane Zabarkan: Bawana, yi shiru. Duk da haka ga dabara, Malam: shiga Photos ka danna `Libérer de l'espace`, wuri zai samu.

Issa Enformatik: Kada ka danna wannan yanzu. Wancan maɓallin yana share kwafin da ke salula ne, ya bar na can. Ma'aunin 62 ba zai motsa ba, kuma ka rasa kwafin hannunka. Fara da `takeout.google.com`, ka zaɓi Photos, ka ce a raba shi guntu-guntu na 2 GB don in rezo ya yanke kada ka koma farko. Mahaɗin saukewa mako ɗaya yake yi. Ka zuba a ordinatar da kuma diski na waje, ka buɗe ka tabbata hotunan na buɗuwa, sannan ka goge na can. Ko ka cire 41 ɗin gaba ɗaya, saura 21, har yanzu ka wuce da 6. A Gmail rubuta `larger:10M` ka ga manyan wasiƙu. Ka duba ajiyar WhatsApp ma, tun farkon 2024 ta Android tana shiga lissafin, ka kashe saka bidiyo a ciki. Kuma sai ka zubar da `Corbeille`, don abin da ke kwandon Drive da na Gmail yana cikin ƙidaya. Kada ka tsaya a 14 da rabi, sauka wajen 12.

Malama Rabi: Ko ya raba tebur ɗin da wani adireshi nasa, ya riƙa gyarawa daga can?

Issa Enformatik: Rabawa ba ta isa ba, fayil na kan wuyan mai shi. Sai dai ya mayar da mallakar ga ɗayan adireshin, ko ya yi kwafi a can tun kafin wata ya ƙare.

Hajiya Mai Atamfa: Duk wannan wahala don jaka ɗaya da rabi a wata? Malam ka biya ka huta.

Ɗan Illela: Wace jaka ɗaya da rabi? Mai yi mini a kasuwa jaka 3 yake karɓa.

Malama Rabi: Ana cutarka. Kuɗin bai cika dalar Amurka 2 ba, lissafa da kanka. Sauran ladan mai kati ne.

Ɗan Illela: Kin taɓa neman kati a Illela? Ku na Yamai komai sauƙi ne a bakinku. Shi ma Issa da wifi na buro yake ba da shawara. 41 GB da forfe, buhu nawa na albasa ke nan?

Issa Enformatik: Shekara nawa ina wannan aiki, ba ji na yi ba.

Hajiya Mai Atamfa: Masu gyaran da suka ci kuɗina ma haka suka ce.

Bagobiri Na Kwarai: Maganar forfe ce ma ya kamata mu yi. Na sayi na wata, kwana tara aka ce ya ƙare, ban kalli bidiyo ko ɗaya ba.

Malama Rabi: Duba ko hotunanka na hawa da forfe ba tare da ka sani ba.

Bagobiri Na Kwarai: Ba hotuna ba ne, sata ce. Ga wuta ana ɗaukewa, rezo ya tafi, kwanaki kuma suna tafiya.

Sakataren Albasa: Na gode jama'a. Na yi kwafin tebur ɗin a adireshin ƙungiya. Hotunan ne ban san yadda zan yi ba. Akwai wanda ya san wurin da ke da wifi mai ƙarfi a Tawa, ko in biya wata ɗaya in kai ordinatar Yamai?

Ɗan Illela: In ka samu, faɗa mana mu ma.