Taƙaitawar shawarwari kan gyaran rubutun da ke cikin hoto a ƙaramar waya

1. Kusan duk waɗanda suka ba da shawara sun yarda cewa a ƙara girman hoton da yatsu biyu kafin a taɓa rubutu, domin yatsa yana rufe harafi, kamar yadda wani mai shirya katin biki a Gombe ya goge ƙugiyar "ƙ" bai lura ba.

2. Wajen matsar da abu, a kulle sauran shimfiɗun tukuna, wato sassan hoton da aka jera ɗaya bisa ɗaya, sannan a yi amfani da maɓallan kibiya idan manhajar gyaran hoton tana da su.

3. An rabu kan ajiya. Wasu sun fi son ajiye hoton a tsarin PNG saboda gefen haruffa yana fita tsaf, wasu kuma JPG saboda ƙarancin wuri, kodayake maimaita ajiye shi yana dusashe rubutu.