Gajerun haruffan da ke cikin sitatimen na banki: abin da kowa ya gani a nasa

Ma'ajin ƙungiya, Tudun Hatsi, Gombe: Assalamu alaikum. An ɗora mini riƙe kuɗin adashen abokan sana'armu, kuma a ƙarshen kowane wata sai na tsaya gaban mutane na yi bayanin kowane kwabo. Na karɓo sitatimen daga banki, sai na tarar da tura kuɗi ɗaya, wanda bai ma kai ga mai shi ba, ya haifi layi huɗu. Ina roƙon duk wanda ya taɓa zama ya warware irin wannan ya faɗa mana yadda ya gane nasa. Ga layukan, na cire sunan wanda aka tura wa:

```
NIP TRF TO ...      60,000.00 DR
NIP CHARGE              50.00 DR
VAT                      3.75 DR
RVSL NIP TRF ...    60,000.00 CR
```

Mai ɗinki, Jekadafari: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da na sani shi ne DR kuɗi ne ya fita, CR kuma kuɗi ne ya shigo, saboda haka 60,000 ɗinku ta fita ta kuma dawo. VAT kuwa harajin gwamnati ne na kashi 7.5 cikin ɗari a kan kuɗin da mutum ya tura, shi ya sa ni nake rarraba taransifa ƙanana-ƙanana.

Tsohon ma'aikacin banki, Bauchi: Hajiya ta yi daidai a kan DR da CR, amma da harajin a kan kuɗin da aka tura ake ɗora shi, da naira 4,500 aka cire wa Malam, ba naira 3.75 ba. A kan ladan bankin kaɗai ake lissafa shi, kuma kashi 7.5 na naira 50 shi ne naira 3 da kwabo 75 cif. A jadawalin caji da Babban Bankin Najeriya ya fara aiki da shi a Janairun 2020, tura naira 5,000 zuwa ƙasa ladansa naira 10 ne, abin da ya haura haka har zuwa 50,000 naira 25, abin da ya wuce 50,000 kuma naira 50. Idan aka haɗa da haraji sai su zama 10.75 da 26.88 da 53.75, kuma wasu bankunan a dunƙule suke rubuta su a layi ɗaya. Don haka, Hajiya, a wancan jadawalin wanda ya raba 60,000 gida uku zai biya 26.88 sau uku, ya fi wanda ya tura a karo ɗaya asara.

NIP alama ce cewa kuɗin ya bi ta hanyar NIBSS, kamfanin da ke haɗa bankunan Najeriya wajen tura kuɗi, wato ya tsallaka zuwa wani banki nan take; turawa tsakanin asusu biyu na banki ɗaya ba ta bin wannan hanya. RVSL, ko REV a wasu wuraren, maido da kuɗin da bai tafi ba ne. Abin da ya kamata Malam ma'aji ya lura da shi shi ne 60,000 ce kaɗai ta dawo a layukan nan. Ka duba kwanakin da suka biyo baya ko akwai wani RVSL na 50.00 da na 3.75, domin sau da yawa daban suke dawowa. Idan babu, akwai giɓin naira 53.75 a littafinka, kuma haƙƙinku ne ku nema, tunda aikin da aka caji kuɗinsa bai yiwu ba.

Ma'ajin ƙungiya: Na gode, Alhaji. Sai dai a wannan ranar sau biyu na tura 60,000 ga mutane biyu daban, kuma sunan da ke layin RVSL ya yanke a tsakiya. Ta yaya zan tabbatar wanne ne ya dawo?

Tsohon ma'aikacin banki: Kada ka dogara da suna, domin gurbin bayanin yana da iyakar haruffa, shi ya sa yake yankewa. Ka nemi doguwar lambar da ake kira Session ID, mai lambobi 30. Shida na farko na bankin da ya tura ne, goma sha biyun da ke biye kuma shekara ce da wata da rana da awa da minti da daƙiƙa. Idan ka ga `250314102245` bayan shidan farko, an yi turawar ranar 14 ga Maris 2025 da ƙarfe 10:22 na safe. Ka kwatanta wannan da lokacin da ke rasit ɗin kowace turawa a wayarka. Idan sitatimen ɗin bai nuna lambar ba, tana nan a rasit ɗin, kuma ita ce farkon abin da za a tambaye ka a teburin kwastoma.

Ɗalibi, Yelwa: Ni ma wani ya nuna mini alat cewa ya turo kuɗin waya, har yau ban ga komai ba. Wace lamba zan danna in gane alat na bogi?

Mai ɗinki: Ƙanena, wannan wata magana ce daban, amma abin da bai fito a sitatimen ɗinka da CR ba, bai shigo ba.

Mai shagon magani, Kumo: Nawa abin da ya tayar mini da hankali ba ladan taransifa ba ne. Na ga an cire naira 350 a layi ɗaya da aka rubuta EMTL, alhali ban tura wa kowa komai a ranar ba. Da na zauna da biro na ƙirga kuɗaɗen da suka shigo mini a makon, sai na ga guda bakwai ne suka kai naira 10,000 ko fiye, kowanne da harajin naira 50, bankin ya tara ya cire a lokaci ɗaya. Waɗanda ba su kai 10,000 ba ba a taɓa su ba. Daga Janairun 2026 kuma an mayar da harajin kan mai turawa, yana fitowa da sunan STAMP DUTY, saboda haka mai duba tsohon sitatimen da sabo zai ga naira 50 ɗin ta koma wani gefe.

Malamar firamare, Gombe: Ni kuma na cire kuɗi wajen mai POS a bakin tasha, amma layin ya zo da sunan wani kamfani da ban sani ba, a ƙarshensa an rubuta LANG. Na ɗauka wani ne ya shiga asusuna, har na shirya toshe katin. Ɗana ya nuna mini cewa adadin da ranar sun yi daidai da ƴar takardar da na'urar ta fitar, wadda na ajiye a jaka.

Tsohon ma'aikacin banki: Malama, LA Legas ke nan, NG kuma Najeriya. Adireshin da aka yi wa na'urar rajista da shi ne yake fitowa, ba inda aka tsaya aka sa katin ba, kuma yawancin kamfanonin da ke raba na'urorin a Legas suke. Wannan ƴar takarda tana ɗauke da RRN mai lambobi 12, wadda da ita ake bin sawun cinikin kati kamar yadda ake bin taransifa da Session ID. Amma idan adadin ko ranar ba su dace da wata fita da kika yi ba, to toshe katin shi ne daidai, kada a jira.

Ma'ajin ƙungiya: Na duba kamar yadda aka ce. Lokacin da ke cikin lambar ya nuna turawa ta biyu ce ta dawo, kuma na samu 50.00 da aka maido bayan kwana biyu. Naira 3.75 ɗin ce ban gani ba har ƙarshen wata.

Mai shagon magani: Ni a nawa duka biyun tare suka dawo, a layi ɗaya na 53.75. Ka duba sitatimen na watan da ya biyo baya kafin ka je banki, Malam, kuma ka tafi da rasit ɗin turawa ta biyun.